Jawabin Firinsifal Ranar Yaye Malamai: Darasi ne ko Kirari?

Manazarta Hausa sun daɗe suna bin diddigin kirari da roƙo da take da zambo, har ta kai ga da wuya a sami wani lungu na maganar baka da ba a leƙa ba. Amma akwai wata irin magana wadda ake yi a bainar jama'a kowace shekara, wadda take da tsari tsayayye kamar na huɗuba, kuma ba a cika kula da ita ba. Wannan ita ce jawabin da shugaban kwalejin horon malamai, watau firinsifal, yakan yi ranar da ake yaye ɗalibansa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, jawabin nan darasi ne, shi ne kuwa darasi na ƙarshe da kwaleji take ba ɗalibinta, saboda haka ya kamata a auna shi da irin mudun da ake auna kowane darasi. In kuwa aka auna shi haka, yawancin jawaban da aka saba ji ba za su cika mudun ba.

Kwalejojin da ake nufi su ne waɗanda suka riƙa ba da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. An daɗe da rufe wannan babi, domin manufar ilmi ta ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar da za a shiga aji da ita, aka kuma mayar da yawancin tsofaffin kwalejojin makarantun sakandare. Sai dai kwalejin ce ta tafi, jawabin bai tafi ba. Shugabannin kwalejojin ilmi na yanzu sun gaje shi da tsarinsa da kalmominsa, kamar yadda ɗa yakan gaji rigar ubansa ko da ta yi masa yawa. Don a ga al'amarin sosai, gara a ɗauki aji guda a bi shi, kuma babu ajin da ya fi dacewa da wannan kamar wanda aka yaye a daminar 1976, 'yan watanni kafin a buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, a watan Satumba na wannan shekara.

Jawabin da irin wannan aji ya saurara kusan ɗaya ne ko'ina. Firinsifal yakan fara da jero manyan baƙi bisa muƙamansu, daga kwamishina zuwa wakilin sarki da hakimi da sakataren ilmi, sa'an nan a can ƙarshe ya ambaci iyaye da ɗalibai. Daga nan sai rahoton shekara: yawan ɗalibai, yawan malamai, kofin da aka ciwo a ƙwallo, ɗakin kwanan da aka gama ginawa. Bayan rahoto sai koke, wanda shi ne zuciyar jawabin a wurin mai yinsa: rijiya ta ƙafe, motar makaranta ta mutu, ɗakin karatu ba littattafai, ana roƙon gwamnati ta duba. Sai lokacin da rana ta take, baƙi suka fara duba agogo, sa'an nan yakan juyo wajen masu bikin ya yi musu nasiha ta 'yan mintoci. Ya ce su zama jakadu nagari, su riƙe gaskiya da amana, su tuna su ne manyan gobe, su kuma sani ladan malami yana Lahira. A tafa, a raba kyaututtuka, a yi addu'a, a watse.

To, waɗannan ɗalibai da suke zaune a gabansa ba su daɗe da dawowa daga gwajin koyarwa ba. An rarraba su makarantun firamare na makonni, malaman kwaleji suna bin su, su zauna a bayan aji da takardar ba da maki. Abin da takardar take tambaya sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Shin ɗalibin ya san waɗanda yake koyarwa, ya kuma yi magana daidai fahimtarsu? Darasin yana da manufa bayyananna, wadda za a iya cewa an cim mata ko ba a cim mata ba? Ya zo da kayan aiki, ko kuwa baki kawai ya kawo? Ya raba lokacinsa daidai? Ɗalibin da ya ɓata minti ashirin da biyar cikin talatin da biyar yana gaishe-gaishe da kiran suna, sa'an nan ya dunƙule darasin cikin minti goma, ba ya tsira daga jan biro. Ba rashin ladabi ba ne in aka ɗauki wannan takarda aka zauna da ita a bayan rumfar biki.

Tambaya ta farko ita ce ta masu sauraro. A ƙarƙashin rumfa akwai jama'a iri uku: manyan baƙi, waɗanda ba su wuce layi ɗaya ko biyu ba, ɗalibai, da iyaye, waɗanda suka fi kowa yawa, waɗansu kuma sun kwana a hanya kafin su iso. Jawabin kuwa da Turanci ake yinsa tun daga farko har ƙarshe. Manomin da ya sayar da buhun gyaɗa ya yi kuɗin mota yana zaune, bai tsinci komai ba sai sunan ɗansa in an kira shi karɓar kyauta, yana tafi ne in ya ga ana tafi. Wani zai ce ai ba dominsa ake jawabin ba. Amma a shekarar 1976 babu mutumin da ya fi shi muhimmanci a wannan wuri. Shirin UPE ya dogara ne a kan yardar irinsa, domin shi ne zai koma ƙauye, a tambaye shi a bakin masallaci ko a dandali, shin a ba da yara boko ko a ɓoye su. A yawancin ƙauyukan ƙasar Hausa a lokacin ba a gama sakin jiki da makarantar boko ba, balle a kan 'ya'ya mata. Ga taron iyaye ya zo da ƙafarsa, ga mai ilmi da lasifika a hannu, amma aka sallame su ba a gaya musu komai da harshen da suke ji ba.

Akwai kuma abin da ɗaliban kansu suke koya daga wannan, ba tare da an faɗa musu ba. Suna ganin cewa in magana ta girma, in aka sa babbar riga aka hau dandamali, to, Hausa ba ta da wurin zama; wurinta kasuwa da bayan aji. Da wannan fahimta za su shiga aji ɗaya, su tarar da yara 'yan shekara shida waɗanda ba su taɓa jin Turanci ba sai a rediyo. Alhali kuwa manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sai daga baya a koma Turanci. Tun 1970 ma aka fara gwaji a Ile-Ife ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da waɗansu yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Lalle ba kowace kwaleji ce take tsakiyar Hausawa ba, kuma inda harsuna suka yi yawa dole a nemi wanda ya haɗa jama'a. Amma ko a can ba a rasa tafinta, kuma firinsifal da ya iya jera muƙamai goma sha biyu ba tuntuɓe ba zai gaza juya minti biyar na jawabinsa zuwa harshen iyaye ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta manufa, a nan kuwa jawabin ya fi rauni. A gwajin koyarwa, in ɗalibi ya rubuta cewa manufar darasinsa ita ce yara su san lissafi, sai a soke, a ce ya faɗi wane lissafi, kuma ta yaya za a gane sun sani. To, mene ne manufar cewa a zama jakadu nagari? Kalma ce wadda za a iya faɗa wa sababbin 'yan sanda, ko ma'aikatan jinya, ko 'yan ƙwallon da za su tafi gasa, ba a sauya ko harafi ɗaya ba. Nasihar da ta dace da kowa ba ta nufi kowa ba.

Ba haka aka faro ba. Sa'ad da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ya faɗi abin da ake so da ɗalibanta ƙarara: samari ne daga masarautun Musulmi, za a horar da su su koma su koyar, ba karatun littafi kaɗai ba har da ladabi da kyakkyawar ɗabi'a irin ta al'ummarsu. Ana iya sukar wannan manufa, an kuwa soke ta, domin manufa ce ta mai mulkin mallaka wanda yake so a yi boko kaɗan, cikin 'ya'yan manya, ba tare da an girgiza sarauta ba. Amma dai manufa ce, ana iya riƙe ta a juya, a yarda ko a ƙi. Waɗanda suka fita daga wannan kwaleji, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sun fara da koyarwa a makarantun midil, kuma biyu na ƙarshen nan suna cikin malanta ne suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar domin gasar 1933.

In ana son misalin da ya fi wannan kusa da gida, sai a koma ƙarni na 19, wajen Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ma ta yi horon malamai, ko da yake ba a kira shi da wannan suna ba. Matan da take naɗawa jajis na 'yan taru takan ba su malfa da jan ƙyalle na naɗi, alamar an ba su izini, wanda shi ne matsayin takardar shaida a yau. Amma ba alamar kaɗai suke tafiya da ita ba. Suna tafiya da waƙoƙin da aka tsara domin a haddace a koyar, cikin harshen da matan ƙauye suke ji. Watau an sallame su da kayan aiki a hannu, an kuma san wa za su tarar a can.

To, wa ɗaliban 1976 za su tarar? Firinsifal ya fi kowa sani, domin shi ne aka aiko wa takardun ma'aikata. Ya san an faɗaɗa kwalejoji cikin gaggawa, an kuma buɗe kwasa-kwasai iri-iri don a sami malamai da wuri: shekara ɗaya ga wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, biyu ga wanda ya zauna bai ci ba, biyar ga wanda ya fito daga firamare. Ya san azuzuwa ba su isa ba. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, da aka buɗe sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Wannan adadi bai zo hannunsa ba tukuna ranar biki, amma alamunsa sun bayyana ga duk mai ido. Saurayin da aka horar a kan aji mai yara talatin ko arba'in, da benci da allo, zai iya samun kansa a gindin bishiya da yara saba'in, kuma wataƙila shi ne hedimasta, shi ne malamin aji, shi ne mai kaɗa ƙararrawa.

A yi lissafin abin a gani. Darasi minti 35 ne, yara 70, watau rabin minti ke nan ga kowane yaro, in ma ba a cire lokacin rubutu a allo da na tsawatarwa ba. In ya ba da aikin lissafi, ya ce zai duba littafin kowa, minti biyu-biyu, ya ci minti 140, sa'a biyu da sulusi a kan darasi guda, ga kuma sauran darussa suna jira. Ba zai iya ba. Abin da yakan faru shi ne, bayan mako uku ko huɗu sai ya daina dubawa, ya koma ga hanya ɗaya da ta rage masa: ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi gaba ɗaya. Mai wucewa ya ji amo ya ce ana karatu. Amma in aka ware yaro guda aka nuna masa kalma a tsakiyar layi, ba daga farko ba, sai ya yi shiru, domin waƙar ya haddace, ba harafin ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ajin da ya lalace, kuma duk tsohon sufeto ya san ta.

Maganin wannan ba daga Ingila zai zo ba, yana nan a zauren malamin allo. Alaramma guda yakan riƙe almajirai masu yawa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, domin ba shi kaɗai yake biyawa ba: manya suna biya wa ƙanana, shi kuwa yana sauraron manya, yana kuma zagayawa. In sabon malami ya raba yaransa saba'in gida bakwai, ya ɗora wanda ya fi saurin ganewa a kan kowane goma, ya riƙa duba littattafan gida biyu kowace rana bi da bi, to, ba za a yi kwana huɗu ba sai ya ga aikin kowane yaro da idonsa. Faɗin wannan ba zai ci wa firinsifal minti uku ba, kuma da iyayen da ke zaune sun ji shi da Hausa, da sun gane cewa boko ba ta zo don ta raina abin da suka sani ba.

Haka kuma batun kayan aiki. A ce firinsifal ya ajiye takardarsa, ya fito da tsinkayen tsintsiya daga aljihu, ɗauri huɗu na goma-goma da tsinke biyu a ware, ya ce ga 42, ana so a ɗebe 17. Tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba, saboda haka sai a kwance ɗauri ɗaya, warwara ta zama goma sha biyu, ɗauri ya rage uku. A cire bakwai daga sha biyu, saura biyar. A cire ɗauri ɗaya daga uku, saura biyu. Ɗauri biyu da tsinke biyar, 25 ke nan. Sa'an nan ya gargaɗe su cewa za su ga yara da yawa sun rubuta 35, kuma kada su ɗauki bulala, domin ba wauta ba ce. Yaron ya duba biyu da bakwai ne, ya ga ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai ya sami biyar, ya cire ɗaya daga huɗu ya sami uku. Kuskuren da kansa yana faɗin inda cutar take: yaron bai gane cewa huɗun nan ɗauri huɗu ba ne, waɗanda ake iya kwancewa. Kalmar aro da aka saba fassarowa daga Turanci ma tana ƙara rikita shi, domin ɗan Bahaushe ya san abin da aka ara mayar da shi ake yi, a nan kuwa ba a mayar da komai. Kwance ɗauri ya fi aro faɗin gaskiyar abin da ya faru.

Har ila yau, ƙidayar Hausa tana taimakon malami a nan fiye da yadda ake zato. Goma sha ɗaya da goma sha biyu suna faɗin abin da ke cikinsu, goma ce da ƙari, alhali sunayen waɗannan lambobi biyu a Turanci ba su nuna goma ko kaɗan ba, kuma sha uku da talatin a Turanci sun yi kama a kunnen yaro har yakan musanya su. Yarinyar da take talla, wadda ta san ashirin ba biyu ita ce sha takwas, ta riga ta iya ɗebewa tun kafin ta ga allo. Malamin da ya fara da abin da ta sani ya rage wa kansa rabin aiki.

Za a ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba a koyar cikin shekara biyar ba, ba za a koyar da shi a rumfar biki ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce firinsifal ya mayar da biki aji ba. Amma maganar ƙarshe tana da nauyin da sauran ba su da shi. Ɗalibi yakan manta da laccoci ɗari, ya riƙe abin da babba ya yi a gaban mahaifinsa ranar rabuwa. In abin da ya gani shi ne shugaban kwaleji da kansa, cikin rigarsa ta girma, yana kwance ɗaurin tsinke yana magana da Hausa, to, ya sami izinin yin haka a ajinsa ba tare da jin kunya ba. Za a kuma ce firinsifal ma'aikacin gwamnati ne, kuma wannan ce rana ɗaya tak da kwamishina yake zaune a gabansa ba ya iya tashi, don haka dole ya yi kokensa. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi, wanda kuwa ya taɓa ganin ɗalibai ɗari biyar suna layi a rijiya guda ba zai raina ta ba. Sai dai koken ana iya rubuta shi a miƙa hannu da hannu, a kuma taƙaita shi a baki. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ba baƙo kashi huɗu cikin biyar na lokacin, a bar wa masu biki ragowa.

Saura maganar lada, wadda ita ce ta fi kowace jimla yawo a irin waɗannan jawabai. Ba wanda yake musun cewa koyarwa aikin lada ce. Abin tambaya shi ne, me ya sa malami kaɗai ake tuna wa Lahira ranar da zai fara aiki, ba a tuna wa injiniya ko akawun baitulmali? A al'adar Hausa ma ba a taɓa barin malami da lada kaɗai ba. Akwai kuɗin Laraba, akwai sadakar da ake kai wa in yaro ya kai wani matsayi a karatu, akwai abin da ake bayarwa ranar sauka, almajirai kuma suna taya malam noma. Jama'a sun san mai koyarwa yana da ciki da iyali. Malaman boko na farko su ma ba su ɗauki shiru a matsayin ibada ba: an kafa ƙungiyar malamai ta Nijeriya tun 1931, Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa ta malaman Arewa a 1948.

Ajin 1976 sun fita ne cikin zamanin kuɗin mai, bayan ƙarin albashin Udoji, ana ganin daɗin ba zai ƙare ba. Ba a yi shekara bakwai ba kuɗin mai ya faɗi, a farkon shekarun 1980 malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa yin watanni ba albashi, da yawa suka bar alli suka kama wata sana'a. Ba a ce firinsifal ya san gaibu ba. Amma jimlar ladan Lahira, in aka faɗe ta a gaban wanda alhakin biyan albashi yake wuyansa, tana da fuska biyu: ɗalibi yana jin nasiha, mai mulki kuwa yana jin an yafe masa tun kafin ya yi laifi. Da firinsifal ya juyo wajen layin gaba ya ce, ga su nan an ba ku amana, ku biya su a kan kari, da ya yi koken da ya fi na mota da rijiya amfani. Da kuma ya gaya wa ɗaliban abin da zai fisshe su a watannin farko, watau su adana takardar ɗaukarsu aiki, su tabbata hedimasta ya aika da shaidar ranar da suka kama aiki, domin albashin farko yakan yi jinkiri, da ya yi musu abin da uba yake yi wa ɗa mai shirin tafiya.

Akwai jimla guda a jawabin wadda ta fi duk sauran nauyi, ko da yake a guje ake wuce ta. Ita ce inda firinsifal yake cewa waɗannan ɗalibai sun cancanta, a hali da ilmi, a ba su amanar yara. Wannan ba kirari ba ne, shaida ce, kuma Bahaushe ya san abin da ke kan mai shaida. A zamanin daraja ta biyu sau da yawa akan yi bikin tun sakamakon jarrabawa bai fito ba, kuma ɗalibai masu yawa sukan faɗi waɗansu darussa, a tura su aji duk da haka saboda ƙarancin malamai, su riƙa komawa suna sake zama. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta sha fama da irin waɗannan, tana koyar da su daga nesa suna bakin aiki. Firinsifal ya san waɗanda suka iya da waɗanda aka tura kawai. Ba a nemi ya kunyata kowa a gaban iyayensa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: yana iya cewa a cikinku akwai waɗanda karatunsu bai nuna ba, takardar nan ba ta rufe littafi ba, ga kuma hanyar da za ku bi ku cike giɓin.

Inda wasa da shaida yake kaiwa ya bayyana a 2017, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan aikin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba, watau kashi 75 cikin ɗari, ta kuma sallame su. An yi gardama mai zafi a kan yadda aka shirya jarrabawar da wanda yake da hurumin yinta, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, kuma ba a nan za a yanke wannan shari'a ba. Abin lura shi ne, zargi ya faɗa kan malaman da kan waɗanda suka ɗauke su aiki, amma ba a cika waiwayar rumfunan da aka tsaya aka ce sun cancanta ba. Duk wanda yake riƙe da takarda ta gaskiya a cikinsu, akwai ranar da wani shugaba ya miƙa masa ita, aka tafa.

Shugaban da zai hau dandamali a wannan zamani yana da wata matsala wadda ta 1976 ba ta kai ta ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Ɗalibin da ya shiga kwaleji ƙarƙashin doka ta farko ya fita ƙarƙashin ta biyu, yaran da zai tarar a ƙauyen Katsina ko na Haɗeja kuwa ba su sauya harshe ba tsakanin shekarun nan uku. Zai tsaya gabansu ran Litinin da 42 da 17 a allo, sufeto yana iya shigowa kowane lokaci, kuma dole ya zaɓi harshen da zai ce a kwance ɗauri da shi. Yana da haƙƙin ya ji daga bakin wanda ya horar da shi yadda zai bi umurnin ma'aikata ba tare da ya bar yara saba'in suna amsa amon da ba su gane ba: ko ya bayyana da Hausa sa'an nan ya ba da kalmar Turanci, ko ya rubuta da Turanci ya tambaya da Hausa don ya tabbatar an fahimta.